Saƙon da Ke Kai Takardar Neman Aiki Teburin da Ya Dace

Duk wanda ya yi 'yan shekaru yana aiki a banki, ko kamfani, ko wata ƙungiyar agaji, ya san irin saƙon. Yakan shigo WhatsApp da daddare, daga lambar da ba a ajiye ba: sallama, tambayar iyali da gajiya, sai kuma "don Allah idan akwai wani aiki a wajenku a tuna da ni." A ƙasa ga hoton takardar CV da aka ɗauka da waya, gefe guda ya yi duhu. Wanda aka aika wa yakan amsa da "in sha Allahu", kuma har ga Allah yana nufin alheri. Amma takardar a nan take kwana, domin bai san wane aiki ake nema ba, bai san wa zai tura wa ba, wani lokacin ma bai gama tuna wane ne mai saƙon ba.

Neman alfarmar wanda aka sani sama-sama dabara ce mai tushe. Masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya tattara bayanan ma'aikata 282 a garin Newton da ke kusa da Boston, ya fitar da sakamakon a wata maƙala a 1973 da kuma littafinsa na 1974. Fiye da rabinsu ta hanyar wani mutum suka sami aikin da suke yi. Abin da ya ja hankali shi ne, a cikin waɗanda ya yi wa tambaya kan wannan mutumin, kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan haɗuwa da shi. Sauran jefi-jefi suke ganinsa, ko ma da ƙyar. Dalilin a fili yake: aminin mutum yana zaune a majalisar da yake zama, abin da ya ji shi ma ya ji. Tsohon abokin makaranta da ke aiki a wani gari shi ne ke da labarin da bai iso unguwa ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, kan mutum kimanin miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, ya ƙarfafa wannan, ya kuma nuna cewa sanayya matsakaiciya ta fi amfani, wato mutumin da ba amini ba kuma ba baƙo ba.

Sai dai maganar tana da iyaka. Yanjie Bian, wanda ya yi nazarin birnin Tianjin na ƙasar Sin a zamanin da hukuma ce ke raba ayyuka, ya nuna a 1997 cewa inda ake buƙatar wani ya sa baki a ɗauki mutum, dangantaka mai ƙarfi ce ke aiki. Duk wanda ya san yadda ake rabon guraben gwamnati a Najeriya ba zai yi mamaki ba. To, nan ne masu neman aiki da yawa ke kuskure. Suna tambayar wanda suka sani sama-sama abin da sai kawu ko uban gida ne ke iya yi. Abin da irin wannan mutum ke iya bayarwa cikin sauƙi shi ne labari da miƙa takarda. Saƙo mai kyau wannan kaɗai yake nema, kuma yana sauƙaƙa yinsa.

A ɗauki misali. Wani matashi a Kano ya gama babbar difiloma a fannin akanta, ya yi bautar ƙasa, sannan ya shafe shekara 2 yana riƙe lissafin sito a shagon wani ɗan sari a Kasuwar Singa. Ya ga sanarwa cewa wani kamfanin casar shinkafa yana neman jami'in sito, kuma za a rufe karɓar takardu ranar Juma'a. Ya tuna cewa abokin karatun yayansa yana sashen sayarwa a kamfanin. Sau biyu suka taɓa haɗuwa, na ƙarshe a wajen wani ɗaurin aure. Ga abin da zai iya rubutawa:

"Assalamu alaikum Yaya, barka da yamma, ya aiki ya iyali? Ƙanin abokinku ne da kuka yi sakandare tare, mun gaisa a ɗaurin auren da aka yi a Gwale bara. Na ga kamfaninku yana neman jami'in sito, za a rufe ranar Juma'a, kuma na riga na cike ta adireshin da suka bayar. Shekara 2 ke nan ina riƙe sito a Singa, buhu kusan 600 ke shiga da fita a mako, ni nake rubuta su a Excel, ni nake ƙidayar ƙarshen wata. Alfarmar da nake nema ita ce, idan babu takura, ku miƙa takardata ga mai kula da ɗaukar ma'aikata. Idan hakan bai dace da tsarinku ba, wallahi babu komai. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Gaisuwar layi ɗaya ce, kuma a cikin saƙon take. Bahaushe ba ya faɗa wa babba buƙata ba gaisuwa, amma akwai wata al'ada da waya ta kawo wadda ke cutar masu nema: a aika "Salam" kaɗai, a zauna jiran amsa, gobe a aika "ya aiki", sai a rana ta uku a fito da maganar. Mai aiki ya riga ya gane inda aka dosa tun daga sallamar farko, kuma jan ran yana sa shi ƙin buɗe saƙon. Bayan gaisuwa sai tunatarwa, wadda ke ɗauke wa mutumin kunyar tambayar "wane ne?" Matashin bai ƙara wa sanayyar gishiri ba. Da ya rubuta kamar sun shaƙu, da ya fara da abin da mutumin ya san ba haka ba ne.

Jimlar da ta fi nauyi ita ce ta Singa da buhu 600. Wanda zai miƙa takardar wani yana ɗora ɗan mutuncinsa a kai, domin idan aka kira mutumin ganawa ya kasa, za a tuna wanda ya kawo shi. Saboda haka abin da yake so ya sani shi ne ko wannan yaron ba zai ba shi kunya ba. "Ina da ƙwazo da gaskiya da riƙon amana" ba ta amsa wannan, tunda babu mai neman aikin da zai ce ba shi da su. Wuri, da tsawon lokaci, da adadi, da sunan abin da aka iya, su ne ke amsawa, kuma ana iya bincika su da kiran waya ɗaya. Hanyar zaɓo su ita ce a ajiye sanarwar aikin a gaba, a duba abu biyu da suka fi nanatawa, a nemo daidai da su a cikin abin da aka taɓa yi. Sanarwar jami'in sito za ta yi maganar rubuta shiga da fitar kaya da ƙidaya, don haka matashin bai kawo zancen sakamakon jarrabawarsa ko shugabancin ƙungiyar ɗalibai ba. Suna cikin CV ga mai son gani.

Haka kuma bai kawo maganar halin da gida ke ciki ba, ko da kuwa gaskiya ce mai ciwo. Labarin mahaifiya ba lafiya da kuɗin haya yana sa a tausaya, wataƙila ma a turo ɗan wani abu, amma ba a iya tura shi ga manaja.

Wannan ya kai ga abin da ƙalilan ne ke lura da shi: saƙon yana da mai karatu na biyu. Yayan nan na sashen sayarwa ba shi ke ɗauka ba, zai tura ne ga wata ko wani a ofishin ma'aikata, kuma ba zai zauna ya tsara bayani a kan yaron da ya gani sau biyu ba. Shi ya sa ya kamata a bi saƙon farko da na biyu, gajere, layi uku, wanda za a iya turawa yadda yake: suna, gurbin da ake nema, hujja biyun nan, lambar waya. A rubuta shi da harshen da ofishin ke aiki da shi, Turanci a yawancin kamfanonin Najeriya, Faransanci idan a Maraɗi ko Damagaram ne. Saƙon murya ba ya yin wannan aikin. Ba a sauraronsa a tsakiyar taro, ba a nemo shi da bincike bayan kwana huɗu.

Ita kanta takardar, a mayar da ita PDF, a tura ta hanyar Document, domin WhatsApp yana matse hoto har ƙananan rubutu su dushe. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. A sa wa fayil ɗin cikakken suna da gurbin, kada ya tafi da suna irin `IMG-WA0007` ko `CV new 2`, wanda zai ɓace a cikin ɗaruruwan irinsa. Kuma a rubuta wa kowa nasa. Saƙon da ya iso da alamar Forwarded a samansa ya riga ya faɗa wa mutum cewa shi ɗaya ne daga cikin jerin da aka watsa wa.

Cewa "na riga na cike" tana da nata aikin. Bankuna, manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji irin waɗanda suka cika Maiduguri galibi ta shafinsu kaɗai suke karɓar takardu, kuma ma'aikaci ba ya iya cusa sunan da bai shiga can ba. Abin da zai iya shi ne ya ce a duba takardar wane, tana cikin waɗanda suka shigo. Idan shafin ya ba da lambar shaida, a haɗa da ita. A wasu wuraren ma doka ta hana ma'aikaci tsoma baki, shi ya sa ƙofar da matashin ya bari a buɗe, ta "babu komai", take da amfani: mutumin zai iya ƙi ba tare da ya fara gudun kiran yaron ba, kuma sau da yawa wanda ya ƙi miƙawa yakan rama da labari, ya ce gurbin an riga an cike shi, ko a jira wani a wata mai zuwa. Idan kuwa amsar ta zo da maganar kuɗin fom ko na "masu sa hannu", an bar batun miƙa takarda an shiga cinikin gurbi, irin wanda wani kwamitin Majalisar Wakilai ya bincika a 2023, kuma 'yan damfara sun fi kowa yawa a wannan kasuwar.

Ana iya gane inda aka kwana daga amsar. Wanda ya tambayi wani abu, kamar yaushe za ka iya farawa ko ka iya wata manhajar lissafi, ya karanta kuma da alama zai tura. Wanda ya ce "na tura wa wance" ya gama nasa, saura godiya. "Za mu gani" ita ce ke buƙatar tuni, sau ɗaya, kwana ɗaya ko biyu kafin ranar rufewa, da layi guda mai ɗauke da ranar. A misalin nan, matashin zai rubuta ranar Laraba da yamma. Idan Juma'a ta wuce shiru, ba zai kai ƙara wajen yayansa ba, domin hakan kan mayar da ƙaramar alfarma rigimar abokai. Idan kuma aka kira shi ganawa, Yayan sashen sayarwa ne zai fara sanarwa, tun kafin ranar, domin akwai yiwuwar mai ɗaukar ma'aikata ta tare shi a baranda ta tambaye shi yadda ya san yaron.