Kafin Ku Haɗa Jari: Abin da Takarda Za Ta Faɗa Kan Riba, Asara da Rabuwa

A Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yawancin haɗin jari ana ƙulla shi ne da baki. Mutum biyu su zauna bayan sallar la'asar, ɗaya ya ce “ni zan kawo kuɗi”, ɗaya ya ce “ni ina da shago”, a yi fatiha a tashi. Amanar da ke ƙarƙashin wannan ita ce ta riƙe fatauci daga Kano zuwa Gwanja shekaru aru-aru, kuma ba abar rainawa ba ce. Sai dai amana ba ta tuna wa mutum adadi, kuma mutanen kirki biyu suna iya tuna magana ɗaya ta fuska biyu. Ga ku da kuke shirin haɗa hannu, abu uku ne ya kamata su shiga takarda tun kuna shiri da juna: abin da kowa ya zuba, yadda za a raba abin da aka samu, da yadda za a rabu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce ɗayanku yana da naira miliyan 6 a hannu, ɗayan kuma yana da shagon huluna a cikin Kurmi, da kaya a ciki, da kuɗin hayar da ya riga ya biya na gaba, naira miliyan 1. Kuɗin hannu ba ya buƙatar gardama. Gardamar tana cikin kayan shago. Mai shago zai duba ya ce kayansa sun kai miliyan 5, kuma ba ƙarya ya yi ba, don abin da zai samu ke nan in ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Amma wannan farashin yana ɗauke da ribar da ba a ci ba tukuna. Abin da ya kamata shi ne a sauke kayan a ƙirga, a sa musu kuɗin da za a saro irinsu yau, sannan a ware waɗanda suka koɗe ko aka daina yayinsu a rage musu daraja. In an yi haka ana iya tarar da miliyan 3. Haɗe da hayar, jarinsa ya zama miliyan 4, na abokinsa 6, wato kashi 40 da kashi 60 cikin ɗari. Da an karɓi ƙiyasin baki, da an tashi rabi da rabi, kuma wannan bambanci zai bi su duk shekarar da suka raba riba. Saboda haka a rubuta jerin kayan da ranar da aka ƙirga su, shaidu biyu da suka san sana'ar hula su sa hannu.

Akwai wani tarko nan gaba kaɗan. Kasuwa ta buɗe gab da sallah, mai kuɗi ya ƙaro miliyan 2 a saro kaya. Wannan ƙarin jari ne ko rance? In jari ne, kason kowa ya canza daga ranar. In rance ne, za a mayar masa da miliyan 2 ɗinsa ba ƙari, kaso yana nan yadda yake. Kowanne ya halatta, amma a faɗi wanne ne kafin kuɗin ya shiga asusu.

Sai riba, wadda a nan ne zumunci ya fi lalacewa. Ka'ida ta farko ita ce riba kaso ce, ba adadi ba. Maganar da ake yawan ji, “riƙe kuɗin nan kana juyawa, kana ba ni dubu 200 duk wata”, ba haɗin jari ba ce. Malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa yanke wa abokin tarayya wani adadi tabbatacce yana ɓata yarjejeniyar, domin wata rana ribar duka ba za ta kai adadin ba, sai a wayi gari mai shago yana yankar uwar kuɗi yana biya da sunan riba. In kuma an ƙara da sharaɗin cewa jarin ba zai taɓu ba ko me ya faru, to an koma bashi mai jawo amfani, kuma kowa ya san sunansa.

Littattafan da ake karantawa a zaurukan cikin gari, Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun bambanta haɗin jari iri biyu. Akwai ƙiradi, wanda bankuna irin Jaiz suke kira mudaraba: ɗaya ya kawo kuɗi kaɗai, ɗaya ya kawo aiki kaɗai, su raba riba a kan kason da suka yarda, rabi ko sulusi. In an yi asara ba tare da sakaci ba, mai kuɗi ya rasa kuɗinsa, mai aiki ya rasa wahalarsa. Akwai kuma tarayyar dukiya, inda kowa ya zuba jari, irin misalinmu. A nan Malikiyya sun tsaurara: riba da asara su bi gwargwadon jari. Hanafiyya da Hambaliyya sun yarda a ƙara wa mai aiki kason riba, amma asara a wurin kowa tana bin jari ne. In gobara ta ci kayan miliyan 1, mai kashi 60 ya ɗauki dubu 600, ɗayan dubu 400. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa Kasuwar Sabon Gari a 2016 ba zai ce wannan sharaɗi ɓata tawada ba ne.

To ina haƙƙin wanda yake buɗe shago da safe ya rufe da magariba, alhali abokinsa yana can yana wata harkar? Wannan ita ce tambayar da kunya take hana yi, kuma ni a ganina ita ce ta fi kashe haɗin jari a Kano. Mai zaman shago yana ganin guminsa ne ya kawo ribar, sai ya fara ɗiban na cefane ba rubutu, yana ganin halak ɗinsa ne. Mai kuɗi kuma in ya gano sai ya kira shi cin amana. Maganin shi ne a yanka wa aikin lada a fili, ko dai ta ƙarin kaso bisa fatawar da ta yarda da haka, ko ta albashi a wata yarjejeniya daban, kamar yadda malamai da dama na harkar kuɗin Musulunci a yau suka halatta. Ku kai wa malamin da kuka amince da shi ya duba wadda za ku bi kafin ku sa hannu.

A ce kun zaɓi albashi, naira dubu 100 a wata. Shekara ta zagayo, aka ƙirga kaya da kuɗi, aka cire haya da wuta da haraji da kuɗin yaron shago, aka ga ƙarin miliyan 3 da dubu 200 a kan jari. A fara cire albashin shekara, miliyan 1 da dubu 200. Saura miliyan 2: mai kuɗi miliyan 1 da dubu 200, mai shago dubu 800. Duk abin da wani ya ɗiba a tsakiyar shekara, na ragon layya ko na makarantar yara, a cire shi daga kasonsa. Sannan a lura da bashin da ke hannun mutane. In dubu 700 daga cikin ribar nan suna wurin dillalan da suka ɗauki huluna ba su kawo kuɗi ba, raba su yanzu cin jari ne. Fiƙihun ƙiradi ya daɗe da hana raba riba sai uwar kuɗi ta dawo tsaba, kuma hikimar tana aiki a nan ma. Alamar da za ku gane an fara cin jari ita ce ana raba riba kowace shekara amma kantoci suna ƙara zama fayau.

Dokar ƙasa ma tana da abin cewa in kun yi shiru. A ƙarƙashin dokar haɗin gwiwa ta 1890 da Nijeriya ta gada daga Ingila, wadda dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, in babu wata yarjejeniya ana raba riba daidai wa daida, kuma babu albashi ga abokin tarayya. Bashin da ɗayanku ya ci da sunan shago a harkar yau da kullum yana kan ku duka, har ya iya taɓa dukiyar gida. Yin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ba ya raba ku da wannan nauyi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi tsarin da ake kira LLP, wanda ke mai da kasuwancin mai zaman kansa a idon doka, ya taƙaita abin da za a bi kowa. Ko ba ku kai can ba, ku rubuta iyakar bashin da mutum ɗaya zai iya ci ko ya bayar ba tare da sa hannun ɗan'uwansa ba.

Maganar rabuwa tana da nauyi a baki ranar da ake murna, har wasu na ganin kamar fata ne marar kyau. Amma kowane haɗin jari yana ƙarewa, ko da rai ko da mutuwa. Abu na farko a rubuta shi ne wa'adin sanarwa, misali wata uku, kada mutum ya zo ana saura mako biyu sallah, kuɗi duk sun zama kaya, ya ce a ba shi nasa gobe. Na biyu, wanda ya rage shi ne farkon wanda za a yi wa tayin kason mai fita, don kada a wayi gari da baƙon ido a shago.

Na uku shi ne lissafin abin da mai fita zai tafi da shi, kuma a nan faɗuwar darajar naira ta rikita mutane da yawa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ya zuba miliyan 6 kafin lokacin, in aka mayar masa da miliyan 6 bayan shekara biyu, an cuce shi, don abin da ya mallaka kashi 60 ne na shagon, ba takardun kuɗin da ya kawo ba. A ce ranar fita an ƙirga kaya a farashin sari na ranar aka sami miliyan 14, tsabar kuɗi miliyan 2, bashin da ake sa ran karɓa miliyan 1, ana kuma bin shago miliyan 2. Abin da ya rage miliyan 15 ne, nasa miliyan 9. Haka kuma in kasuwa ta ja baya aka tarar da miliyan 8, nasa miliyan 4 da dubu 800, ba shi da ikon cewa a cika masa shidansa. Wajen sa wa kayan kuɗi, kowa ya kawo mai ƙiyasi ɗaya, in sun saɓa shugabannin 'yan kasuwar layin su ba da na uku. A kuma yarda da biya kashi-kashi, misali sulusi nan take, sauran cikin wata shida, domin fitar da miliyan 9 rana ɗaya rufe shagon ne.

Mutuwa kuwa, a dokar 1890, tana warware haɗin gwiwa sai in an rubuta akasin haka, kuma kason mamaci ya zama na magada. Ku rubuta cewa za a ƙirga kaya cikin kwanaki kaɗan a gaban wakilin magada, a ba su zaɓi ko su karɓi kason a kan tsarin biyan da ke sama, ko su ci gaba da sabuwar yarjejeniya.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa shiga lissafi amma su ne ake kai ƙara a kansu: sunan wa ke kan takardar hayar shago, wa zai riƙe lambar wayar da masu saye suka sani, asusun banki da na'urar POS da sunan wa aka buɗe. A rubuta makomar kowanne. Mai fita kuma ya tabbatar an sanar da CAC in akwai rajista, an kuma gaya wa masu ba shagon kaya bashi cewa ya fita, domin wanda ya saba hulɗa da ku bai sami labari ba yana iya bin sa bashin da aka ci bayan tafiyarsa.