Yadda Ake Hasashen Lodin Wata Mai Zuwa

Kamfanin sufuri yana bukatar sanin yawan lodin da zai samu tun kafin wata ya kama, domin ya tanadi tireloli da direbobi da man gas. Hanyoyi biyu masu sauƙi suna yin wannan aiki daga alƙaluman watannin baya kaɗai.

A ɗauki misalin kamfanin da ke dakon hatsi daga kasuwar Dawanau a Kano zuwa Legas. A ce ya yi lodi 90 a Janairu, 90 a Fabrairu, 120 a Maris, 135 a Afrilu, 138 a Mayu, 139 a Yuni.

Hanya ta farko ita ce matsakaicin watanni uku na baya-bayan nan. Don hasashen Afrilu, a tara 90 da 90 da 120, a raba uku, a samu 100. Idan wata ya ƙare, sai a jefar da mafi tsufa a saka sabo, don haka Mayu ya zama 115, Yuni 131.

Hanya ta biyu tana gyara tsohon hasashe da wani kaso na kuskurensa:

`F(t+1) = F(t) + α(A(t) − F(t))`

A nan F hasashe ne, A lodin da aka samu a zahiri, α kuma lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan α ya zama 0.5, an yi hasashen 90 a Maris amma aka samu 120, sai a ƙara rabin giɓin, wato 15, hasashen Afrilu ya zama 105. Haka Mayu zai ba da 120, Yuni 129. Babban α yana saurin bin canji, amma ciniki guda na bazata ma yana ruɗarsa.

Wacce ta fi? Sai an auna kuskure. Hanya ta farko ta kuskure da 35 da 23 da 8, matsakaicinsu 22. Ta biyu ta kuskure da 30 da 18 da 10, matsakaicinsu kusan 19. Ta biyu ce ke gaba, ko da yake watanni uku sun yi kaɗan a yanke hukunci. Shekara guda ta fi dacewa.

Akwai abin da ya fi wannan tazara muhimmanci: duk kurakuran shida gefe guda suka karkata, kullum hasashe yana ƙasa da zahiri. Wannan alama ce cewa lodi yana hauhawa, hanyoyin biyu kuma suna biye da shi a baya. Charles Holt ya faɗaɗa hanya ta biyu a 1957 don ta kama irin wannan hauhawa, Peter Winters kuma ya fitar da salon da ke lura da zagayowar lokutan shekara a 1960. Wannan salon yana iya kama lokacin kaka, amma ba ya kama azumi da salla, domin suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Su kam dole mai lissafi ya duba kalandar Musulunci ya gyara da hannu.