"Ga Yarona" ko "Ga Sabon Jami'inmu"?

A Kantin Kwari, idan maigida ya ɗauki sabon yaron shago, ba ya kiran taro. Yakan jira ranar da babban abokin ciniki ya zo, a ce wani Alhaji daga Maraɗi mai ɗaukar atamfa dila-dila. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da hanya, sai ya yafito yaron ya ce: "Alhaji, ga yarona. Ɗan wane ne, a hannuna ya tashi. In ba ka same ni ba, ka same shi." Yaron ya rusuna ya gaida baƙo, shi ke nan.

A kamfanin da ke rarraba kaya ga 'yan kasuwa kuwa, manaja kan zauna da abokan hulɗa ya ce: "Ga sabon jami'inmu na tallace-tallace, shi zai riƙa kula da odarku daga wata mai zuwa." A miƙa kati mai lambar waya, a koma kan batun da ya tara mutane.

Kowace hanya tana amsa tambaya ɗaya ne cikin biyun da ke ran mai saye. Ta kasuwa tana amsa "wa zan kama idan abu ya lalace?" Maigida ya ɗora sunansa a kan yaron, har ya ambaci mahaifinsa, don a san gidan da za a je. Ga mutumin da ke turo kuɗi daga wata ƙasa kafin ya ga kaya, wannan lamuni ya fi kowane kati. Ta ofis tana amsa "me wannan mutumin zai yi mini?", amma takan bar mai saye ba tare da kowa ya tsaya wa baƙuwar fuskar ba.

Sai dai lamunin kasuwa ba shi da iyaka, kuma nan rigima take fitowa. A ce bayan wata biyu Alhajin Maraɗi ya kira, maigida yana tafiya. Ya nemi dila 10, ya ce zai biya kuɗin 6 yanzu, cikon sai ya sayar. Ya kuma nemi ragi. Yaron, da yake an ce ganinsa ganin maigida ne, ya amince. Da za a turo kuɗin, sai ya ba da lambar asusunsa, wai manhajar bankin shago tana wahalarwa. Maigida ya dawo ya tarar da bashin dila 4 da bai sani ba, da farashin da bai yanke ba, da kuɗin da ba su shiga asusun shago ba. Laifin wa? Alhaji zai ce da kunnensa ya ji an ce in ya samu yaro ya samu maigida, kuma gaskiyarsa. Ko yaron bai ci ko kwabo ba, an riga an shiga jin nauyin juna, wanda a kasuwa yakan kai mutum ya sauya shago ba tare da ya ce uffan ba.

Matsalar hanyar ofis ba ta da hayaniya haka. Alamarta ita ce mai saye ya ci gaba da kiran tsohon jami'in da ya saba da shi. Idan ba a faɗa masa a taron ina wancan ya tafi ba, zai cike gurbin da zato: an kore shi ne? Ajiyar da na bar masa fa, da alkawarin musanya kayan da suka zo da tabo? In tsohon ya koma wani kamfani mai irin kayan, to sau da yawa cinikin yakan bi shi.

Ni dai a ganina ta kasuwa ta fi ƙarfi, domin amana ta fi wuyar samu a kan bayanin aiki. Gyaranta kuma jimla uku ne kawai, waɗanda maigida zai faɗa a gaban yaron, ba a bayan idonsa ba: "Alhaji, shi zai nuna maka kaya, ya rubuta rasit, ya kai maka tasha a yi lodi. Ragi da bashi kuwa sai ka ji daga bakina. Kuɗi, asusun da ka saba turawa, ba a canza ba." Wasu iyayen gida suna ganin faɗin haka zai zubar wa yaro mutunci. A'a, kariya ce gare shi: ranar da aka matsa masa, yana da abin cewa, "Ranka ya daɗe, a gabanka maigida ya faɗa."

Manajan ofis shi ma zai iya aron rabin da ya rasa. Ya zo taron da kansa, ya faɗi cewa tsohon jami'in ya koma wani reshe ko ya bar aiki, sannan ya bar sabon ya karanto cikon da ake bin kowa da odar da ba a kai ba tukuna, mai saye ya gaskata ko ya gyara a nan take, kafin a tashi.