Lambar IP a kan na'urar kunne da sifika: me ta yi alkawari?

A jikin kwalin na'urar sauraro ta kunne ko sifika sau da yawa akan ga rubutu irin IPX4 ko IP67, mai kaya kuma ya ce ruwa ba ya yi mata komai. Wannan magana ta wuce abin da lambar ta faɗa. Tsarin ya fito ne daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529. Lamba ta farko tana nuna kariya daga ƙura, ta biyu kuma daga ruwa, harafin X kuwa yana nufin ba a ba da sakamakon gwajin wannan ɓangaren ba. Abin da lambar ke shaidawa shi ne sabuwar na'ura ta ci gwaji ɗaya takamaimai, da ruwa mai tsabta, na ƙayyadadden lokaci.

Mu ɗauki AirPods Pro na farko, masu IPX4. Gwajin wannan mataki fantsama ruwa ne daga kowane gefe, don haka yayyafi da gumin motsa jiki ba abin tsoro ba ne, amma kamfanin Apple da kansa ya hana wanka ko iyo da su. Shi kuwa IPX7, wanda ke kan sifikar JBL Flip 5, yana nufin an nutsar da ita zurfin mita 1 na minti 30 a ruwan da ba ya motsi. Idan ta faɗa bokiti za ta tsira. Sai dai cin wannan gwaji ba ya tabbatar da cewa za ta jure feshin tiyo, domin gwajin ruwa mai ƙarfi daban yake, shi ne IPX5 da IPX6.

Wani zai ce ai ruwa ruwa ne, na'urar da ta jure nutso ta fi ƙarfin gumi. Ba haka ba ne. Gumi yana ɗauke da gishiri, wanda ke zama bayan ya bushe ya riƙa cin ƙarfen wurin caji, har na'urar ta fara ƙin caji ko a ga kore-kore a wurin. Sabulu kuma yana sa ruwa ya ratsa ragar da a da take tare shi, robar da ta toshe kafofi kuwa tana saki da tsufa da zafi. Iyo yana da tasa matsalar: ruwa yana shanye siginar Bluetooth, shi ya sa na'urorin masu iyo suke adana waƙoƙi a cikinsu.

Saboda haka IPX4 ya wadatar wa mai gudu, IP67 ya dace da sifikar da za ta sha ƙura da damina. A goge gumi, a bar na'ura ta bushe kafin caji, kuma a duba akwatin cajin, domin sau da yawa lambar ba ta shafe shi ba.