Gyaran Imel ɗin da Na'ura Ta Tsara: Abin da Za a Goge da Abin da Za a Cike

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da manhajar ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamban 2022, ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa da yawa sun daina fara rubuta imel daga farin shafi. Mutum zai gaya wa manhajar abin da yake so, kafin ya kurɓi shayi sau biyu ta jero masa sakin layi huɗu, nahawu daidai, ladabi har ya yi yawa. Matsalar tana wajen wanda aka aika wa. Yana buɗewa a waya, wataƙila tsakanin taro da taro, ya karanta layi uku bai ga abin da ake nema a wurinsa ba, sai ya ce zai dawo kansa anjima. Wannan anjimar ce kan kai mako guda.

Wanda ya saba karɓar irin waɗannan saƙonni da Turanci ya haddace su. Suna buɗewa da "I hope this email finds you well", a tsakiya a roƙi mutum ya yi abu "at your earliest convenience", a rufe da "please do not hesitate to reach out". Idan da Hausa aka nema, fasalin bai canzawa: doguwar shimfiɗa, sai "mai yiwuwa" da "idan da hali" birjik, sannan alkawarin cewa ƙofa a buɗe take ga duk wata tambaya.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Irin wannan manhaja ta koyi rubutu ne daga tarin abin da mutane suka rubuta, kuma tana karkata ga jimlar da aka fi sabawa da ita a kowane gurbi. Bayan haka an ƙara horar da ita ta riƙa yin magana cikin taka-tsantsan. Sai babban dalilin, wanda shi ya fi shafar mai gyara: manhajar ba ta san cinikinka ba. Ba ta san nawa ake bin Alhaji ba, ba ta san ranar da aka yi alkawari ba, ba ta san abin da ofishinku zai yi idan ranar ta wuce ba. Duk gurbin da ya kamata adadi ko kwanan wata ko hukunci ya zauna, idan ba a ba ta su ba, sai ta cike shi da kalmomi masu taushi. Shi ya sa nake ganin gyaran daftari ba gogewa kaɗai ba ne. A mafi yawan wuraren da ka cire kame-kame, akwai bayanin da ya kamata ka saka, kuma kai ne ka san shi.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce akantan wani dillalin siminti a Kano yana son tuna wa ɗan kwangila bashi. An kai masa buhu 400 ranar 3 ga Maris a kan ₦4,200,000, da sharaɗin biya cikin kwana 30. Ya biya ₦2,500,000, saura ₦1,700,000. Yau 14 ga Afrilu, maigidan kuma ya ce ba za a loda masa sabuwar oda ba sai ya cika. Akanta ya gaya wa manhaja ta rubuta wa abokin ciniki tunatarwar biyan kuɗi cikin ladabi, ga abin da ta kawo:

"Ina fatan wannan saƙo ya same ka cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto ne domin in ɗan tuntuɓe ka game da batun wani biyan kuɗi wanda mai yiwuwa bai kammala ba tukuna. Mun fahimci cewa harkokin kasuwanci na wannan zamani suna da yawa, kuma abubuwa kan iya shige wa mutum. Za mu yi matuƙar farin ciki idan zai yiwu ka duba lamarin a duk lokacin da ka samu dama. Muna daraja dangantakar da ke tsakaninmu ƙwarai da gaske. Kada ka yi jinkirin tuntuɓar mu idan kana da wata tambaya."

Jimla shida ke nan, babu adadin kuɗi, babu rana, ko kalmar siminti babu. Ɗan kwangilar da yake sayen kaya a wurare biyar zai iya karanta wannan bai san wane bashi ake magana ba, kuma an ba shi izinin ya duba "a duk lokacin da ya samu dama".

Abu na farko, kafin akanta ya taɓa daftarin, ya faɗa wa kansa cikin jimla ɗaya abin da yake so mai karatu ya yi. A nan amsar ita ce Alhaji ya biya ₦1,700,000 zuwa Alhamis 17 ga Afrilu. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to ba a gama yanke shawara ba ke nan, kuma gara ya koma wajen maigida ya tambaya da ya ci gaba da goge-goge. Idan ta fito, ita ce za ta hau sama, a kan saƙon da kuma layin farko bayan gaisuwa. Sanarwar da waya ke nunawa ba ta wuce kan saƙo da 'yan kalmomin farko, mutum mai hidima kuwa a nan yake yanke ko zai buɗe yanzu ko sai dare.

Daga nan sai a bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: shin za a iya ɗaukar wannan jimla a manna ta a imel ɗin wani mutum dabam, kan wani batu dabam, ta zauna daram? "Muna daraja dangantakar da ke tsakaninmu" za ta shiga wasiƙar banki, ta shiga ta makaranta. Ta fita. Zancen harkokin zamani ma ya fita, domin akanta yana nema wa Alhaji uzurin da shi kansa bai kawo ba. "Na rubuto ne domin" sanarwa ce cewa magana na tafe, sai a bar maganar ta zo da kanta. Gayyatar yin tambaya a ƙarshe ba ta ƙara komai, domin kowa ya san ana amsa imel. Idan akwai abu takamaimai da ake so ya aiko, a ambace shi da sunansa.

Wurin da aikin ya fi bukatar natsuwa shi ne kalmomin shakka. Kashi biyu ne, kuma a ido kamarsu ɗaya. Akwai shakkar da aka sa don kunya ko tsoron ɓata rai, akwai kuma ta gaskiya. "Wanda mai yiwuwa bai kammala ba" na kashin farko ne, domin littafin akanta a gabansa yake kuma ya nuna saura ₦1,700,000. Amma akwai abin da da gaske akanta bai da tabbas a kai: ko Alhaji ya tura kuɗin a ƙarshen mako bai shigo ba tukuna, kamar yadda yakan faru tsakanin bankuna. Wannan shakkar ba a goge ta. Ana tattara ta a jimla ɗaya, a faɗi abin da aka sani da lokacin da aka duba, a faɗi abin da zai warware ta. Hanyar rarrabewa ita ce mutum ya tambayi kansa, me ya sa na ce "wataƙila" a nan? Idan yana da amsa, ya rubuta amsar a maimakon kalmar. Idan bai da ita, ya cire.

Wannan rarrabewa na da nauyi, domin wanda ya bi daftari yana share kowace "wataƙila" da rufe ido zai ƙare da alkawarin da bai yi niyya ba. "Mota za ta iso Talata" magana ce da za a riƙe ka da ita, ga ta a rubuce. Idan direba bai tashi daga masana'anta ba, abin da ya dace shi ne: "Muna sa ran motar ranar Talata. Ba a loda ta ba tukuna, zan tabbatar maka gobe da azahar." Haka "in sha Allahu": gurbinta daban ne, ba a lissafa ta cikin abin sharewa. Abin lura kawai shi ne ta zo tare da rana da lokaci, kada ta tsaya ita kaɗai a inda ake jiran a ji yaushe.

Ga yadda saƙon akanta zai koma:

"Kan saƙo: Ragowar kuɗin siminti ₦1,700,000, zuwa Alhamis 17 ga Afrilu

Assalamu alaikum Alhaji, fatan ana lafiya.

Muna roƙon a biya ragowar ₦1,700,000 na siminti buhu 400 da aka kai ranar 3 ga Maris, zuwa Alhamis 17 ga Afrilu. Jimlar kuɗin ₦4,200,000 ce, mun karɓi ₦2,500,000, wa'adin kwana 30 kuma ya cika ranar 2 ga Afrilu.

Da zarar kuɗin sun shigo za a loda sabuwar odarku. Idan an riga an tura, a taimaka a aiko mana da shaidar banki, domin zuwa safiyar yau ba mu gani a asusunmu ba. Takardar lissafin na haɗe.

Na gode."

A lura gaisuwa na nan. Wasu da suka karanta shawarwarin rubutun ofis na Turawa sukan ɗauka gajarta na nufin a faɗa wa mutum da bukata kai tsaye, ba sallama. A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne, kuma yana iya jawo a yi banza da saƙon. Layi ɗaya na sallama ya wadatar, da laƙabin da aka san mutum da shi, Alhaji ko Hajiya ko Malam, ko ranka ya daɗe idan babba ne. Girmamawar ta ci gaba a cikin "muna roƙon a biya" da "a taimaka a aiko", ba tare da an ɓoye adadi ko rana ba. Sharaɗin maigida ma an faɗe shi ta fuskar da ba ta da zafi.

Akwai masu gyara daftari da niyyar kada a gane na'ura ce ta tsara shi, sai su shiga farautar wasu kalmomi. A watan Afrilun 2024 wani sanannen mai zuba jari a harkar fasaha, Paul Graham, ya rubuta a shafin X cewa kalmar "delve" a cikin wani imel da aka aiko masa alama ce ta ChatGPT. 'Yan Najeriya da dama suka mayar masa da martani cewa sun daɗe suna amfani da ita tun daga makaranta. Ina tare da su a wannan. Canza kalma ɗaya da 'yar'uwarta bai sa Alhaji ya san nawa ake bin sa.

Haka nan mayar da daftarin ga manhaja a ce ta gajarta shi bai cika wadatarwa ba. Takan rage tsawo, amma ba za ta iya kawo abin da ba a ba ta ba, wani lokaci ma sai ta ƙago rana ko adadi don ta cike gurbi. Idan za a yi amfani da ita, gara tun farko a zuba mata bayanan: wa ake rubuta wa, nawa, yaushe, me zai biyo baya, layi nawa ake so. Lambar asusu da sirrin abokin ciniki kuwa a bar su, a sa da hannu daga baya.

Kafin a danna aikawa, akanta ya ɗora kowane adadi a kan littafinsa, ya duba kalanda ya ga 17 ga wata Alhamis ce da gaske. Sannan ya tabbatar takardar da ya ce tana haɗe ya haɗa ta, kuma ta Alhaji ce, ba ta wani abokin cinikin ba.