Me ya sa takardarka ke hargitsewa a kwamfutar wani?

Ɗalibi ya gama rubuta kundin bincikensa a sabuwar manhajar Word, komai tsaf. Ya kai shagon buga takardu, inda har yanzu Word 2007 ake amfani da ita. Ana buɗewa sai ga kan babi ya gangaro ƙasan shafi, jadawali ya rabu gida biyu, lambobin shafi sun saɓa da na jerin abubuwan da ke ciki. Nan take a ce bairos ne. Galibi ba shi ba ne.

Fayil ɗin Word ba ya riƙe shafi kamar hoto. Umarni kawai yake ɗauke da shi, kowace kwamfuta ita ke sake jera layuka da irin haruffan da take da su. Sabuwar Word ta Microsoft 365 tana farawa ne da salon haruffa mai suna Aptos, wanda tsohuwar ba ta san shi ba. Sai ta musanya shi da wani. Faɗin haruffan ya ɗan bambanta, layi ya ture layi, kafin a kai babi na uku komai ya goce. Wanda ya yi ta danna Enter don ya kai sabon shafi shi ya fi shan wahala, alhali Ctrl+Enter ɗaya ya isa. Mu masu rubutu da ɓ, ɗ da ƙ kuwa, wani lokaci sai mu tarar sun fito da wata siffa dabam, ko sun zama 'yan akwatuna.

To, kafin ka adana, tambayi kanka: me za a yi da fayil ɗin a can? In bugawa ne kawai, adana shi a PDF, domin shi yana ƙulle shafi da haruffansa. In gyara za a yi, zaɓi haruffan da kowa ke da su, kamar Times New Roman, sannan ka shiga File, Info, Check for Issues, Check Compatibility. Word za ta lissafa maka abin da tsohuwar ba za ta iya nunawa ba.

Kada ka yi gaggawar komawa .doc. Shi na Word 97 zuwa 2003 ne, kuma a cikinsa zanen SmartArt da lissafin da aka rubuta da sabon tsari hoto suke zama. Word 2007 tana buɗe .docx, tunda da ita aka fara shi.

Idan kuma ka buɗe takardar wani ka ga Compatibility Mode a sama, ba lalacewa ta yi ba. Danna Convert na iya motsa shafuka, don haka fara ajiye kwafi, musamman in takardar za ta koma hannun mai ita.