Abin da Mai Karatu Ya Sani Shi Ake Sa wa a Gaba

Malaman da ke duba rubutun ɗalibai sun san wani irin sakin layi mai wuyar sha'ani. Nahawunsa lafiya lau, ƙa'idojin rubutu an kiyaye su, kowace jimla gaskiya ta faɗa, amma sai mutum ya kai ƙarshe ya rasa abin da ya karanta, ya koma farko. Malam yakan rubuta a gefe cewa "babu haɗin kai", ɗalibi kuma ya je ya zuba "haka zalika" da "bugu da ƙari" da "daɗin daɗawa" a farkon kowace jimla, ya dawo da rubutun yadda yake, sai dai ya ƙara nauyi. Sau da yawa ciwon ba na rashin mahaɗai ba ne. Yana cikin yadda aka jera bayani a kowace jimla: me aka fara faɗa, me aka bari zuwa ƙarshe.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Kusan kowace jimla a cikin sakin layi tana ɗauke da abu biyu, wanda mai karatu ya riga ya sani da wanda yanzu zai ji. Sanannen ya zo a farko, sabon ya biyo baya. Da zarar an faɗi sabon ya zama sananne, don haka jimla ta gaba tana iya tashi daga kansa. Haka muke kwatance a gari. Ba wanda zai fara da launin ƙofar gidan. Sai a ce ka san masallacin Juma'a, to daga masallacin ka yi gabas har ka iske rijiya, daga rijiyar gida na uku. Mai magana baka yana yin haka ba tare da tunani ba, domin yana ganin fuskar mai sauraro. Mai rubutu ba ya ganin kowa, kuma duk abin da ke kansa sananne ne a gare shi, shi ya sa yake mantawa.

Ga sakin layi irin wanda ake samu a rahoton ɗalibi:

"Gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974. Gonakin Kadawa da Kura suna samun ruwa ta magudanan da suka taso daga madatsar. Shinkafa da alkama da tumatir ake nomawa da rani a waɗannan gonaki. Fadamun Hadeja da Nguru sun samu raguwar ambaliyar shekara-shekara saboda tare ruwan. Masunta da makiyaya sun dogara da wannan ambaliya."

A ɗauki alƙalami a ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka buɗe kowace jimla: gwamnatin Audu Bako, gonakin Kadawa, shinkafa, fadamun Hadeja, masunta. Jimla biyar, baƙi biyar, babu wanda aka gabatar kafin ya shigo. Mai karatu yana cikin tunanin madatsa sai aka jefo masa Kadawa. Dole ya riƙe Kadawa a ka, bai san dalilin zuwanta ba, har sai ya kai kalmar ƙarshe, "madatsar", sannan ya gane alaƙar. Kafin ya huta an jefo masa shinkafa. Igiyar da ke ɗaure jimlolin tana nan, amma kullum a wutsiya take.

Yanzu ga bayanin nan dai, ba a ƙara komai ba:

"A 1974 gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Daga madatsar, magudanai suna kai ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura. A waɗannan gonaki ana noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Sai dai tare ruwan ya rage ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Nguru kowace shekara. Ambaliyar kuwa ita ce madogarar masunta da makiyayan yankin."

Masu buɗe jimlolin yanzu su ne madatsar, waɗannan gonaki, tare ruwan, ambaliyar. Kowanne an san shi kafin ya zo. Ko shekarar ma an ɗauke ta daga ƙarshen jimlar farko an kai ta gaba, domin ƙarshen jimla wuri ne mai nauyi, kuma abin da za a ci gaba da magana a kansa madatsa ce, ba 1974 ba. Jimla ta huɗu ta fi sauran ban sha'awa. Ba ta tashi daga tumatir ba, ko da yake shi ne na kusa da ita, ta tsallake ta koma ga madatsar. Kalmar "tare ruwan" ba ta fito a baya ba, amma duk wanda ya ji an gina madatsa ya san an tare ruwa. Ashe sanannen bayani ba lallai sai an maimaita shi kalma da kalma ba. Ya isa a ce mai karatu zai iya ciro shi daga abin da ya gabata ba tare da wahala ba. Sannan "sai dai" ta yi aikinta a nan, domin akwai juyi na gaske daga amfani zuwa illa. Mahaɗi guda ɗaya ke nan a sakin layin, kuma ya wadatar.

Masana harshe sun daɗe da lura da wannan. Vilém Mathesius, wanda ya kafa ƙungiyar masana harshe ta birnin Prague a 1926, ya raba jimla gida biyu: abin da ake magana a kai da abin da ake faɗa game da shi. A 1974 wani daga cikin magadansa, František Daneš, ya nuna hanyoyin da sakin layi ke bi wajen tafiya. Wani lokaci ƙarshen jimla ya zama farkon ta gaba, kamar madatsa zuwa gonaki, gonaki zuwa amfanin gona. Wani lokaci abu ɗaya ke buɗe jimloli da dama, ana ta ɗora masa sabon bayani, kamar yadda ake rubuta tarihin mutum. Wani lokaci kuma a faɗi babban batu, kowace jimla ta ɗauki reshe ɗaya daga cikinsa. A shekarar nan dai Susan Haviland da Herbert Clark suka auna abin a Amurka. Sun ba mutane jimloli biyu-biyu, suka auna lokacin da ake ɗauka kafin a fahimci ta biyu. Idan abin da ya buɗe ta an ambace shi kai tsaye a ta farko, ana saurin fahimta; idan sai mai karatu ya haɗa alaƙar da kansa, ana samun jinkirin kimanin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Kaɗan ne, amma a rahoto mai shafi ashirin wannan kaɗan ɗin shi ke taruwa ya zama gajiya.

Wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ba zai ga baƙon abu ba. An koya masa cewa mubtada'i asalinsa ya kasance sananne, habari kuma shi ke kawo fa'ida, kuma Alfiyyar Ibnu Malik ta hana fara jimla da abin da ba a sani ba sai in akwai fa'ida a yin hakan. Tunanin ɗaya ne.

Hausa tana da kayan aikinta na nuna sabo da tsoho, kuma masu sauƙi ne. "Wani", "wata" da "wasu" su ke shigo da baƙo: wani manomi ya kai ƙara. Daga nan ya zama "manomin", ƙarar ta zama "ƙarar", inda kuma kalma ba ta karɓar wannan ɗafi sai a ce "ɗin". Wanda ya buɗe jimla da "rahoton" alhali bai taɓa ambatar wani rahoto ba, ya yi wa mai karatu alkawarin ƙarya, zai koma baya yana neman abin da babu. Akwai kuma "kuwa", "dai" da "kam", waɗanda ke ba mu damar ɗauko sanannen abu daga tsakiyar jimla mu kawo shi gaba: "Ruwan kuwa, ana sakin sa ne da rani." Marubutan hukuma suna gudun wannan salo, suna ganin kamar na hira ne, sai su yi ta buɗe kowace jimla da "an". A ganina asara ce. Hausa ce tsantsa, kuma ta dace da rahoto kamar yadda ta dace da zance.

Sai dai akwai inda Hausa ke juya ƙa'idar da gangan, kuma wanda ya haddace ta daga littattafan koyar da Turanci yakan yi tuntuɓe a nan. Idan aka tambaya wa ya gina madatsar, amsar ita ce "Gwamnatin Audu Bako ce ta gina ta." Sabon bayani ya zo gaba, "ce" ta biyo shi. Haka "Manoma ne suka koka" ta bambanta da "Manoma sun koka": ta farkon tana ɗauka cewa an riga an san wasu sun koka, ana fayyace su waye. Wannan daidai ne idan sakin layin ya riga ya ta da tambayar, ko ana gyara wani zato. Matsalar ita ce yin sa ba tare da tambaya ba. Jimla ta uku a misalinmu na farko, "Shinkafa da alkama da tumatir ake nomawa", tana amsa tambayar da ba wanda ya yi, shi ya sa take jin kamar gardama.

Bin ƙa'idar ma yana da nasa ramukan. Na farko shi ne sarƙa mai yawo. Mutum zai iya ɗaure kowace jimla da ta bayanta tsaf, madatsa zuwa gonaki, gonaki zuwa tumatir, tumatir zuwa kasuwar Legas, Legas zuwa cunkoson motoci, ya wayi gari ya bar Tiga nesa. Jimlolin sun riƙe juna, sakin layin bai riƙe batu ba. Bayan mataki biyu ko uku a kan sarƙa, yana da kyau a waiwayi jimlar farko, kamar yadda "tare ruwan" ta yi. Wani ramin shi ne "wannan" ko "hakan" tsirara a farkon jimla bayan an faɗi abubuwa uku. Wanne? A ba ta suna: wannan raguwa, wannan jinkiri, wannan hukunci. Sunan yana taƙaita abin da ya wuce, yana kuma nuna yadda marubuci ya fahimce shi. Sai kuma ɗabi'ar sauya suna don gudun maimaici, a ce madatsa, can a ce dam, can a ce tafki, can a ce aikin. A waƙa ado ne. A rahoto ko takardar shari'a, mai karatu zai zaci abubuwa huɗu ake nufi. Maimaita "madatsar" sau uku ba laifi ba ne.

Wannan duka aikin bita ne, ba na zubin farko ba. Wanda ya tsaya auna kowace jimla yana cikin rubutu ba zai gama shafi ba. In ka kammala, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomi huɗu ko biyar na farkon kowace jimla, ka karanta su kaɗai a jere. Duk inda ka ci karo da abin da ba a ambata ba, kuma ba za a iya ciro shi daga baya ba, ka duba wutsiyar jimlar, galibi sanannen yana can, ka dawo da shi gaba. Idan ka duba jimlar duka babu sananne ko ɗaya, to akwai jimlar da ka tsallake tana cikin kanka, sai ka rubuta ta.